Laraba: ni da Malam a kan labarin Bushiya

Tun da Malam ya bar ofis bayan la'asar maganarsa take cina a rai, cewa na sassabe masa fassara har ta koma ƙashi ba nama. Labarin Bushiya ne, wanda za a riƙa karanta wa 'yan aji 1 da aji 2 da baki.

Jimlar da muka fara sa-in-sa a kanta ita ce: "Bushiya, wadda ruwan sama ya jiƙa a yayin da take kan hanyarta ta komawa gida, ta yanke shawarar neman mafaka a wurin maƙwabtanta." Kalmomi 23 ne, babu kuskuren nahawu ko ɗaya, amma tsakanin sunan Bushiya da abin da ta aikata akwai kalmomi 14, kuma yaron da yake saurare ba shi da takarda a gabansa balle ya koma baya ya duba wa ake nufi. Na mayar da ita uku: "Bushiya tana hanyar gida sai ruwa ya kece. Ta jiƙe sharkaf. Ta ruga gidan Kurege ta yi sallama." Kowace tana fita da numfashi ɗaya, kuma abubuwan sun jeru yadda suka faru. Na cire "yanke shawara" domin yaro ba ya ganinta a zuci, gudu kuwa yana gani.

Malam ya haƙura da wannan, amma ya kafe a kan maimaici. Bushiya gida uku take zuwa, shi kuma ya sauya roƙonta a kowane gida don gudun gundura. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a tatsuniya ai nan ne wurin da yara suke jira." Idan a gidan farko da na biyu ta ce "Ku buɗe mini, sanyi nake ji," to a na uku su ne za su riga mai karatu faɗa. Sauya kalma ɗaya ya isa ya hana su amsawa. Ya ce in haka ne yaushe za su koyi sababbin kalmomi?

Wannan tambayar ce ta hana ni sakat, domin yana da gaskiyarsa. A ƙarshe na bar masa "mafaka" sau ɗaya, a shafin da zane ya nuna Bushiya a ƙarƙashin rumbu, inda hoto zai yi bayani. Duk da haka bai saki fuska ba.

Cunkoson Kawo, sannan gida, ga rashin wuta. Na karanta wa Auta da fitilar waya, ta amsa roƙon a gida na uku, amma ta tsayar da ni tana tambayar mene ne rumbu, ita da aka haifa a cikin garin Kaduna. Ko dai a sake zanen ko a sake kalmar, kuma gobe dole in tunkari Malam da wannan ma.