Fuska ta suɓuce a wurin waiwaye: yadda ake mayar da ita firam bayan firam

'Yan uwa masu koyo, aikin wannan makon gajeren bidiyo ne na daƙiƙa 12 da aka ɗauka a wata harabar gida a Samaru. Wasan tagwaye ne: ɗan wasa ɗaya ya ba da fuskarsa, abokinsa ya ba da jiki, dukkansu da saninsu da yardarsu. Wayar tana ɗaukar firam, wato ɗaiɗaikun hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, guda 30 a daƙiƙa, ke nan firam 360 muke da su. DeepFaceLab, manhajar ɗora fuskar wani a kan jikin wani a bidiyo, muke amfani da shi. Haɗin farko ya yi kyau sai a wuri biyu: lokacin da aka kira mai jikin ya waiwaya da sauri, da lokacin da ya ɗaga hannu ya gyara hula. A nan fuskar da aka ɗora ta yi tsalle, ta karkace, ta ɓace, ta dawo.

Da yawa idan sun ga haka sai su koma horar da manhajar kwana biyu. Asarar wuta ce kawai. Kafin a ɗora fuska, sai an fara gano inda take a kowane firam, sannan a sa mata ɗigo 68 a kan gira, ido, hanci, baki da haɓa. Ana yin wannan a kowane firam shi kaɗai, ba a tuna na baya. Idan ɗigon ya zauna ba daidai ba, duk kyawun horon da aka yi, a karkace za a manna fuskar.

Saboda haka ka buɗe `workspace/data_dst/aligned_debug` ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Koren layin da ke kan fuska shi ne ɗigon. A namu bidiyon waiwayen ya faro daga firam 141 zuwa 150. Kai ya juya kusan digiri 90 cikin firam goma, wato digiri 9 a kowane firam. Daga 141 zuwa 144 layin yana zaune lafiya. A 145 da 146 hoton ya yi dishi-dishi saboda gudun motsi, layin haɓa ya zame ya koma kan wuya. A 147 da 148 ba a gano fuska ba sam, shi ya sa babu `00147_0.jpg` da `00148_0.jpg` a cikin `aligned`, inda ake ajiye fuskokin da aka ciro, kuma fuskar mai jikin ta asali ta leƙo a bidiyon kamar walƙiya. A 149 da 150 ana ganin gefen fuska ne kawai, amma manhajar ta zana ido biyu kamar mutumin yana kallonmu, ta cusa idon da ya ɓuya a kan karan hanci.

Gyaran kuwa na hannu ne. Ka goge hotunan 145 zuwa 150 daga `aligned_debug`, ka goge takwarorinsu marasa kyau daga `aligned`, sannan ka kunna wannan:

```
5) data_dst faceset MANUAL RE-EXTRACT DELETED ALIGNED_DEBUG.bat
```

Zai kawo maka waɗanda ka goge kaɗai. Ka kai linzamin kwamfuta kan fuskar, ka murza tayarsa har akwatin ya yi daidai da girman kai, idan layin ya zauna ka danna ka kulle shi, sai `Enter`. Abin da ya fi ba mutane wahala a nan shi ne girman akwati. Idan a 145 ka yi shi babba, a 146 ka yi shi ƙarami, fuskar za ta riƙa kumbura tana sacewa a bidiyo ko da kowane firam ya yi kyau shi kaɗai. Ka riƙa duban firam na ƙarshe mai kyau, wato 144, ka sa na gaba su bi girmansa. A hoton gefe kuma kada ka damu da idon da ba a gani. Tsinin hanci, bakin haɓa da girar da ke kusa da kyamara, idan waɗannan ukun sun zauna, ya isa.

Ba kowane firam ake cetowa ba. A 150 ƙeya ta fi fuska yawa, sai muka bar shi babu fuska. Firam ɗin da ba shi da hoto a `aligned` yana fita yadda yake a asali, kuma tunda kunne da ƙeya na mai jikin ne dama, ba wanda zai lura. Tilasta fuska a irin wannan wurin shi ke haifar da dodo.

Hannun gyaran hula matsala ce daban, ko da yake a ido kamar ɗaya suke. Daga firam 232 zuwa 247 ɗigon bai ɓata sosai ba, sai a uku na tsakiya da tafin hannu ya rufe ido da hanci, waɗanda muka sake da hannu kamar na sama. Abin da ya lalace shi ne iyakar da ake yanka fuskar: an fente ido da gira a kan yatsun mutum. Maganin wannan XSeg ne, ɓangaren manhajar da ake koya wa iyakar fuska. Ka buɗe `5.XSeg) data_dst mask - edit.bat`, ka zagaye fuskar, sannan ka zagaye hannun da layin cirewa don ya fita daga abin da za a rufe. Ba sai ka yi duk goma sha shidan ba. Mun yi shida: shigowar hannu, wuri uku yana kan fuska, fitarsa, da guda ɗaya da yatsu suka ware. Muka ƙara kamar ashirin daga sauran bidiyon, har da na waiwaye, aka horar, aka shafa da `5.XSeg) data_dst trained mask - apply.bat`. Tsarin yana da muhimmanci: ka gama sake ciro fuskoki tukuna. Duk hoton da ka sake cirowa sabo ne, ba ya ɗauke da iyakar da aka shafa a baya, sai ka sake shafawa.

Bayan wannan, 147 da 148 sun zauna daidai amma fuskar ta fito kamar an shafe ta da ruwa. Dalilin yana cikin `data_src`, inda hotunan mai ba da fuska suke: kusan duk hotunan mai fuskar na gaba ne, manhajar ba ta taɓa ganin gefensa ba. Aka sake ɗaukarsa na minti ɗaya a inuwar harabar, yana juya kai a hankali dama da hagu har ƙarshe, aka ƙara hotunan. A nan ne ƙarin horo ya yi amfani.

Wajen haɗawa, fuska tangaran a kan kai mai dishi-dishi tana tona asirin aikin. Ka ɗaga `motion_blur_power` kaɗan-kaɗan a kan firam ɗin waiwayen har dishin fuska ya yi daidai da na hula. Idan ka ga ba ya aiki, duba ko akwai fayil mai ƙarewa da `_1.jpg` a `aligned`. Wani yaro ya gifta a bayan ɗan wasanmu, aka ciro fuskarsa, kuma idan firam yana da fuska biyu manhajar takan kashe wannan dishin gaba ɗaya. Goge su ya warware.

Ga wanda bai ɗauki nasa ba tukuna: a cikin ɗaki mai duhu waya takan buɗe idon kyamara har 1/30 na daƙiƙa, nan dishin ke samuwa. Ka fita haske, ko ka saita shi a 1/100, wanda ya dace da wutarmu mai 50 Hz, fitila ba za ta yi ƙyafta-ƙyafta ba. Firam 145 da 146 har yanzu suna ɗan rawa a gefen haɓa idan aka rage gudun bidiyon, su za mu sake kullewa mako mai zuwa da akwatin 144.