Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Rabon Aiki Tsakanin Mutum Biyar

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da na shiga aji biyu a jami'a, ina zirga-zirga kullum daga gidanmu na Agege. A zangon ne malamin da ke koyar da mu tarihin Nijeriya ya kasa mu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar, ya ba rukuninmu batun mayar da babban birnin ƙasa daga Legas zuwa Abuja. Sharaɗinsa shi ne minti 20 a gaban aji, dole kowa ya yi magana, a miƙa rubutaccen rahoto, sannan maki ɗaya za a ba mu gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa idan aka zo tambayoyi, shi ne zai nuna wanda zai amsa.

Mu biyar ɗin duk muna jin Hausa, amma ƙarfinmu ba ɗaya ba ne. Akwai wata baiwar Allah daga Idi-Araba da ta girme mu, muna ce mata Yaya, wadda ta fi mu naci a ɗakin karatu amma muryarta takan yi rawa a gaban jama'a. Akwai wani matashi da ke taya mahaifinsa sauke albasa a kasuwar Mile 12 tun asuba, bakinsa na zuba da Turanci kamar ruwa, sai dai ba shi da lokacin zama da littafi. Na uku Bayarabe ne haifaffen Agege, shi kaɗai ke da kwamfuta a cikinmu. Na huɗu ƙaraminmu ne, bai daɗe da zuwa daga Arewa ba, Turancinsa bai gama nuna ba tukuna. Ni ne na biyar, kuma ni aka ɗora wa jagoranci.

Mun raba batun gida biyar: zaman Legas a matsayin babban birni tun haɗewar 1914, kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda na 1975 da Doka ta 6 ta 1976 da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa, tsara birnin da gina shi, makomar mazauna wurin na asali, musamman Gbagyi, sai halin da Legas ta shiga bayan ƙaurar da aka yi ranar 12 ga Disamba, 1991. Kuskurena na farko shi ne na ce a jefa ƙuri'a, kowa ya ɗauki kashi ɗaya da minti huɗu, don kada a ce na yi son kai. Da aka buɗe takardu, sai batun Gbagyi ya faɗa hannun ƙaraminmu, ɗan Mile 12 kuma ya sami tarihin 1914, wanda yake nan a kowane littafin sakandare. Yaron bai ce uffan ba, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, amma na ga yadda fuskarsa ta sauya.

Yaya ce ta dakatar da mu. Ta ce, "Ƙanina, ƙuri'a tana yin adalci ne idan kayan da ake rabawa nauyinsu ɗaya. Kashin farko labari ne da za a karanta a maimaita, na huɗu kuwa muhawara ce da har yau ba a rufe ba." Gaskiya ta faɗa. Manufar farko ita ce a kwashe mazauna yankin gaba ɗaya a tsugunar da su a waje, daga baya gwamnati ta sassauta saboda tsadar diyya, aka bar da yawansu a inda suke. Wanda zai yi bayanin wannan sai ya bi sauye-sauyen manufa, ya kuma auna maganganun da suka saɓa wa juna, alhali mai kashi na biyu kwanan wata da sunaye kawai zai riƙe.

Sai muka sake lale. Kowa ya rubuta a ɓoye awa nawa yake ganin kowane kashi zai ci kafin a iya tsayawa a yi bayaninsa, don kada wani ya kumbura nauyin abin da yake so ya ɗauka. Da muka ɗauki matsakaici, kashi na farko ya tashi awa 3, na biyu awa 4, na uku awa 7, na huɗu awa 10, na biyar awa 8. A nan ne na gane abin da ƙuri'ar ta ɓoye mana, wato ayyukan da ba a gani a gaban aji: haɗa allunan da za a haska, awa 6, tattara rahoto da gyara shi da kai shi a buga, awa 5, buɗewa da rufewa, awa 2. Jimla awa 45 ke nan, kowa 9. Waɗannan ƙananan ayyukan su ne tsakuwar da muka yi ta ɗorawa a kan sikeli har ya daidaita.

Mai kwamfuta ya ɗauki kashi na farko da alluna, awa 9 cif. Ƙaraminmu ya karɓi kwamitin Aguda da tattara rahoto, domin batun yana da iyaka a fili, rubutunsa kuma ya fi maganarsa tsabta. Ɗan Mile 12 ya ɗauki tsara birnin tare da buɗewa da rufewa, inda bakinsa zai yi mana amfani. Yaya ta zaɓi batun Gbagyi da kanta. Ni na ɗauki Legas bayan 1991, kuma da yake nawa awa 8 ne nata 10, na amince in karanta bayananta in zama mataimakinta wajen tambayoyi. Kashina ma yana da ƙaya, domin ƙidayar 2006 ta ba Jihar Legas mutum kusan miliyan 9, gwamnatin jihar kuwa ta ce sun haura miliyan 17, dole in faɗi duka biyun in kuma bayyana daga ina kowanne ya fito.

Lissafin bai rasa aibu ba, kuma gwajin da muka yi saura kwana uku ne ya tona shi. Awa 4 da muka yanke wa kashi na biyu awannin mai saurin karatu ne. Ƙaraminmu ya ci fiye da ninkinsu, domin sai ya fassara wa kansa kowane sakin layi kafin ya haddace. Mai alluna kuma ya kasa fara aikinsa saboda mu biyu ba mu miƙa masa bayananmu ba, ni da ɗan Mile 12, abin da har yau nake jin nauyinsa. Da muka sa agogo, Yaya ta ci minti 7 ba ta kai ƙarshe ba, mai kashi na farko kuwa ya gama a minti biyu da rabi. Sai muka watsar da minti huɗu-huɗu: kashi na farko da buɗewa minti 3, na biyu 3, na uku 4, na huɗu 5, na biyar 4, rufewa minti 1. Na karɓi kai rahoto wurin bugawa daga hannun ƙaraminmu, muka kuma yanke cewa kowa zai rubuta taƙaitaccen kashinsa a rabin shafi ya raba wa sauran, tunda ba mu san wanda za a nuna ba.

Ranar gabatarwa, tambayar da ta fi zafi a kan diyyar Gbagyi ce, kuma ƙaraminmu malamin ya nuna. Ya tashi yana riƙe da rabin shafin Yaya a naɗe, bai buɗe ba, ya amsa a hankali cikin jimloli uku, malamin ya gyaɗa kai ya wuce zuwa rukuni na gaba. Yadda aka yi wannan yaron ya zama abokin kasuwancina bayan shekaru, a mako mai zuwa zan kawo shi in Allah ya kai mu.