Lambar waya da ake taɓawa ta kira: inda na kai a shafin shagon kawuna

'Yan'uwa masu koyon gina shafuka, wannan makon na ƙare shi ne a kan layi guda na shafin da nake haɗa wa kawuna, mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Buƙatarsa ba ta da yawa: yana so wanda ya buɗe shafin a wayarsa ya taɓa lambar shagon kawai, kira ya tafi, ba sai ya kwafe ta a takarda ba. Lambar da zan nuna a nan ta misali ce, ba tasa ba.

Ga abin da na fara rubutawa:

```html
<a href="tel:08030000000">0803 000 0000</a>
```

Na gwada a wayata, lambar ta fito a wurin buga kira, na danna, wayar kawu ta yi ƙara a aljihun babbar rigarsa, muka yi murna. Bayan kwana biyu sai wani abokin cinikinsa da ke Maraɗi ya aiko masa da saƙon murya cewa ya taɓa lambar har sau uku amma kiran bai shiga ba. Da na zauna na duba, sai na gane cewa laifin daga wurina yake, domin sifilin da ke farkon lambobinmu na kiran cikin gida ne, kuma layin Nijar ba shi da hanyar sanin cewa Najeriya ake nufi idan ba a gaya masa ba. Gyaran shi ne a cire sifilin, a sa alamar tarawa da lambar ƙasa, wato +234, a madadinsa:

```html
<a href="tel:+2348030000000">0803 000 0000</a>
```

Ku lura cewa abin da ke cikin `href` shi waya take bugawa, shi kuwa rubutun da ke tsakanin `<a>` da `</a>` na idon mai karatu ne, don haka ba dole su zama iri ɗaya ba. Na bar na wajen yadda Bakano ya saba ganin lamba a jikin allon shago, na cikin kuma na bi tsarin ƙasa da ƙasa da ake kira E.164, wanda ke aiki ko daga Fagge aka kira ko daga Maraɗi.

Kuskuren da ya fi saurin kama mutum a nan, wanda ni ma sai da na faɗa masa a gyarana na farko, shi ne ya ƙara +234 amma ya manta da sifilin a wurinsa, sai lambar ta zama `+23408030000000`. Ido ba ya saurin ganin bambancin, saboda haka na koma ƙirgawa: lambar wayar hannu ta Najeriya tana da alƙaluma 11 idan da sifilin, 10 idan an cire shi, kuma da 234 sun zama 13 bayan alamar tarawa. Duk inda na ƙirga 14, na san sifili ya maƙale. Haka kuma ba na barin sarari a cikin `href`, domin ƙa'idar RFC 3966 ta shekarar 2004, wadda ta tsara `tel:`, ta yarda da karan ɗori da ɗigo wajen raba alƙaluma amma ba ta yarda da sarari ba. A ganina haɗe su cur ya fi kwanciyar hankali.

Kawu ya ɗan ji takaici da ya ga taɓawar ba ta tura kiran nan take, sai na yi masa bayani cewa da gangan masu wayoyin suka yi haka, don kada wani shafi ya riƙa cinye wa mutane kati ba da saninsu ba. Android kan buɗe wurin buga kira da lambar a rubuce, iPhone kuma kan tambaya kafin ya kira.

Matsala ta ƙarshe a iPhone ɗin ɗiyarsa na gan ta. Lambar asusun banki mai alƙaluma 10 da muka sa a ƙasan shafin ta rikiɗe ta zama shuɗiya, kuma da aka taɓa ta sai wayar ta nemi kiran ta, saboda Safari yakan ɗauki jerin alƙaluma masu kama da lambar waya ya mai da su mahaɗi da kansa. Layi guda a cikin `<head>` ya hana shi:

```html
<meta name="format-detection" content="telephone=no">
```

Wannan bai taɓa mahaɗin da na rubuta da hannuna ba, yana nan yana aiki. Na roƙi mutumin Maraɗi ya sake gwadawa, ya kira da la'asar, kuma a wannan kiran ne ya yi odar turmi shida na atamfa.