Yadda na sauko da maƙalata daga kalmomi 10,140 zuwa 7,960

'Yan uwa abokan karatu, assalamu alaikum. Ga abin da na riƙa rubutawa a littafin aikina cikin kwana goman da na yi ina rage maƙalar nan tawa ta fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Editan mujallar ya dawo mini da ita tun kafin ta je hannun masu dubawa, ya ce ƙa'idarsu kalmomi 8,000 ne, tawa kuwa 10,140. Wato sai na zubar da kashi ɗaya cikin biyar, har da 'yar ɗoriya.

Rana ta ɗaya

Kafin in taɓa ko harafi ɗaya na rubuta wa editan ina tambaya, me da me suke ƙirgawa? Ya ce jerin manazarta da tsakure ba sa cikin lissafi, amma bayanan ƙasan shafi suna ciki. Wannan amsar ta rushe mini dabarar farko, domin da nufina in kwashe sakin layi biyar ko shida in tura su ƙasan shafi, in ce na rage. Ku duba naku lissafin da kyau. A Word, in ka danna Ctrl+Shift+G akwai wani ɗan akwati mai suna Include textboxes, footnotes and endnotes. In ba a yi masa alama ba, adadin da kake gani bai haɗa da bayanan ƙasa ba, ni kuwa nawa kalmomi 500 ne cif.

Na adana kwafin asali da suna daban, na kuma buɗe wani fayil da na sa wa suna rumbu. Duk abin da na yanke can yake zuwa. Hannu ya fi saurin yanka in ka san abin bai ɓace ba.

Rana ta biyu da ta uku

Na ɓata dare biyu ina bin jimloli ɗaya bayan ɗaya ina aske su. Ga misali guda a kan Salaga, babbar kasuwar Gwanja:

"Yana da matuƙar muhimmanci a wannan gaɓa a yi nuni da cewa garin Salaga ya kasance wani gari ne wanda fatake Hausawa suke zuwa domin su sayi goro."

Ta koma: "A Salaga fatake Hausawa ke sayen goro."

Kalma 28 ta zama bakwai, ma'ana ba ta ragu ba. Rubutun jami'a da Hausa cike yake da irin wannan kumfa: "kamar yadda aka sani", "ya kasance", "wanda shi ne", "a taƙaice dai". Na ji daɗin aikin sosai, har na ɗauka na kusa. Da na duba lissafi, kalmomi 310 kacal na cire. Abin haushin ma shi ne rabin jimlolin da na goge suka yi sumul suna cikin sakin layin da daga baya na zubar gaba ɗaya. Na yi ta share ɗakin da za a rushe. Da na sani, da aski ya zo ƙarshe.

Rana ta huɗu

Yau ce ranar da aikin ya fara da gaske. Na rufe kwamfuta, na ɗauki takarda, na tilasta wa kaina rubuta hujjar maƙalar a jimla ɗaya. Sai a gwaji na shida ta fito: hanyar ƙasa ta Gwanja ta fara sukurkucewa tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, saboda Turawan Ingila sun ci masarautar Asante da yaƙi a 1874, ikon Kumasi, babban birninta, a kan Salaga ya kau, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake zuwa wasu garuruwa irin su Kete-Krachi.

Jimlar na tsaye a kan duwatsun murhu uku: 1874, 1892 da 1911. Duk sakin layin da ba ya tallafar ɗaya daga cikinsu, sai ya faɗa mini dalilin zamansa.

Na buga maƙalar, na ba kowane sakin layi lamba, suka kama 58. A gefen kowanne na rubuta aikinsa da kalmomi kaɗan. Aikin da yake yi nake nufi, kamar "yana nuna fatake sun bar Salaga", domin in na rubuta "a kan Salaga" kawai ban gano komai ba. Goma sha huɗu na kasa rubuta musu aiki. Wasu huɗu kuma aikinsu ɗaya da na wani sakin layi da ke gaba ko baya.

Rana ta biyar

Waiwayen ayyukan da suka gabata shi ya fi kowa laifi. Daga kundin digirina na kwaso shi yadda yake, kalmomi 2,100, kowane marubuci da sakin layinsa: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza. A kundi wannan yana da amfani, domin kana nuna wa malamanka ka yi karatu. Mai karanta mujalla kuwa so yake ya san inda ka saɓa da na gabanka.

Sai na sake jera su bisa matsayinsu. Waɗanda suka ɗora komai a kan jirgin ƙasa na tara su a sakin layi ɗaya, sunayensu da shekarunsu cikin baka ɗaya. Waɗanda suka lura da rikicin Gwanja amma ba su haɗa shi da komawar goro hanyar teku ta Ikko ba, su ma sakin layi ɗaya. Mutum biyu kawai na ba fili sosai, su ne waɗanda nake jayayya da su kai tsaye. Kalmomi 900 suka tafi rumbu, kuma waiwayen ya fi da ma'ana.

Rana ta shida

Wannan ta yi mini zafi. Akwai shafi biyu da na fi so a duk maƙalar, inda na siffanta ayari: madugu da ikonsa, jagaba a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, zango bayan zango, da yadda ake lulluɓe goro da ganye ana yayyafa masa ruwa kar ya bushe a hanya. Na sha wahalar tattara wannan bayani. Amma da na tambayi kaina wane dutse cikin ukun yake tallafa, babu. Mai karanta mujallar nazarin Hausa ya san madugu. Na bar jimla uku a kan lalacewar goro kaɗai, domin ita ce ke bayyana dalilin da ya sa fatake suka karkata ga hanya mai sauri da zarar ta samu. Da wannan da wasu sakin layi biyu na shimfiɗar tarihi, 600 suka fita. Lissafi ya sauko 8,330.

Rana ta bakwai

Na ba wata abokiyar karatuna, wadda fanninta nahawu ne ba tarihi ba, na ce ta karanta ta faɗa mini hujjar a jimla ɗaya, ban nuna mata tawa jimlar ba. Da yamma ta ce, "Malam, ai cewa kake yi yaƙin Salaga ne ya kashe hanyar Gwanja."

Gabana ya faɗi. Dutse ɗaya ya ɓace. Na koma na duba, ashe cikin sakin layin shimfiɗa da na zubar jiya akwai wanda ya bayyana cewa kafin 1874 Salaga na ƙarƙashin ikon Asante, kuma sarakunan Kumasi ne ke iko da fitar goro daga kurmi zuwa kasuwar. Na ɗauke shi a matsayin shimfiɗa saboda wurin da yake zaune, alhali shi ne mahaɗin hujjar. Ba tare da shi ba, shekarar 1874 tana nan a rubuce amma ba ta cewa komai. Na ciro shi daga rumbu, na matse shi zuwa kalmomi 140, na mayar da shi farkon sashen hujjoji inda ya dace tun asali.

Ta kuma nuna mini wuri biyu da na ce "kamar yadda aka gani a baya" alhali abin da aka gani ɗin yana rumbu. Daga nan na bi da Ctrl+F ina neman "a baya", "a sama", "za a gani" da "jadawali", na gyara guda bakwai.

Rana ta takwas

Lissafi ya koma 8,470, dole na shiga sashen hujjoji, wanda nake ta kewayewa. Dattawa uku, jikokin fatake, sun ba ni labarin yadda kakanninsu suka bar Salaga, kuma na kawo maganar kowanne da tsawonta. Abu ɗaya suke faɗa. Na bar ta wanda ya fi ambaton garuruwa dalla-dalla, sauran biyun na ce sun tabbatar da haka, na sa ranakun hirarsu. Shaidu suna nan uku, bakin ɗaya ne ke magana. An samu 280.

Akwai dattijo na huɗu da ya saɓa musu, ya ce a gidansu ba a daina bin hanyar ƙasa ba sai bayan zuwan jirgi. Sakin layinsa kalmomi 190 ne, kuma cire shi zai sa maƙalar ta yi santsi. Na bar shi. Duk mai dubawa da ya san fannin zai tambayi inda irin wannan shaidar take, kuma ita ce ta sa na rubuta "ta fara sukurkucewa" maimakon "ta mutu".

Haka nan na koma kan askin da na yi a rana ta biyu, na kunna kwafin asali gefe da gefe. A wuri uku na tarar na cire "mai yiwuwa" da "galibi" ina ganin kumfa ne. Labarin baka da aka ji daga jika ba ya ɗaukar jimla mai yanke hukunci, don haka na mayar da su, na biya kuɗinsu da wasu "ya kasance" guda uku.

Rana ta tara da ta goma

Kammalawa tana maimaita gabatarwa kusan kalma da kalma. Na cire 230, na bar abin da binciken ya ƙara da tambayar da ya bari a buɗe. Lissafi 7,960.

Saura shara. Ayyuka goma sha ɗaya na nan a jerin manazarta alhali babu inda aka ambace su a cikin rubutun yanzu, na cire su. Tsakuren ma yana alkawarin "bayanin tsarin ayari", wanda yanzu babu, na sake shi. Na karanta maƙalar da ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe, duk inda na ji harshena ya yi tuntuɓe tsakanin sakin layi biyu na sa 'yar jimlar haɗi, ina cire kwatankwacinta a kusa don kar lissafi ya motsa.

Na ba wani abokin daban, wanda bai ga ta farko ba. Jimlar da ya faɗa ta ƙunshi shekarun nan uku. Na tura wa edita daren jiya. Shafi biyun ayari suna nan a rumbu, ina tunanin haɗa su da hirar dattijo na huɗu su zama maƙala ta gaba.