Kalandar da ke tafiya da wata

Na gama tsara abin da za mu riƙa sakawa a shafin shagonmu na atamfa har ƙarshen shekara, kuma ranakun addini ne suka fi cin lokacina. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, shi ya sa azumin da muka fara ranar 11 ga Maris a 2024 ya dawo 1 ga Maris a 2025. Wanda ya kwafi jadawalin bara, tallansa zai makara.

Daga ranar Sallah nake ƙirgowa baya. Tallan yadi yana fita mako shida kafin ƙaramar Sallah, domin da azumi ya yi nisa teloli sun daina karɓar ɗinki.

Hoton barka da Sallah kuwa tun tsakiyar Sha'aban yake shirye, amma babu kwanan wata a jikinsa, kuma ba na saita shi ya fita da kansa. Azumi yana iya zama 29 ko 30, don haka ranaku biyu nake warewa, in jira sanarwar Sarkin Musulmi. Babbar Sallah ta fi sauƙi: da an ga watan Zulhijja, ka san ranar goma. Masu saye daga Maraɗi ma nakan duba tasu sanarwar, don wani lokacin Nijar takan riga mu da kwana guda.