Shawarar da Na Rubuta Sau Uku Kafin Ta Zauna

Daftarin farko da na miƙa wa shugabar sashenmu na binciken cikin gida layi huɗu ne kacal. Na rubuta cewa ba a rufe asusun shiga manhajar biyan kuɗi na ma'aikatan da suka bar aiki a kan lokaci, cewa hakan na da haɗari ƙwarai, kuma ya kamata hukumar gudanarwa ta tabbatar ana bin doka. Ta karanta, ta ɗauki jan biro ta zagaye kalmar "tabbatar", sannan ta turo mini takardar.

"Malam, idan kai ne manajan da aka ba wannan, me za ka yi ranar Litinin da safe?"

Na yi shiru, don ban da amsa. Na shafe mako biyu ina tono, hujjoji cike da fayil, amma abin da na rubuta ba zai sa kowa ya tashi daga kujera ba.

Tsarin da muke bi wajen rubuta rahoton bincike ba mu muka ƙirƙire shi ba. Ƙa'idojin binciken gwamnati na Amurka, waɗanda GAO, ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnatin ƙasar, ya fara fitarwa a 1972, sun zayyana ginshiƙan duk abin da mai bincike ya gano: ma'auni, halin da aka tarar, musabbabi da illa. Ƙa'idojin cibiyar masu binciken cikin gida ta IIA, waɗanda sabon tsarinsu ya fara aiki a Janairun 2025, su ma a kan wannan turba suke, sai a ɗora shawara ko shirin gyara a kai. Na haddace su tun ina ɗalibi. Sanin sunayensu daban, cika su da gaskiya daban.

Halin da na tarar bai ba ni wuya ba, da zarar na daina kalmomin "da yawa" da "sau da dama". A cikin wata 12, mutum 64 suka bar aiki. Ban ɗauki samfuri ba, na duba dukkansu, kuma na faɗi haka a rubuce, domin mai karatu yana da haƙƙin sanin ko adadin da yake gani na kowa da kowa ne ko na ɗan yanki. Na jera ranar barin aikin kowa daga sashen kula da ma'aikata, na haɗa da ranar rufe asusunsa daga rajistar manhaja. Asusu 38 an rufe su a kan kari. Guda 17 an rufe su a makare, tsakanin kwana 6 zuwa 24. Guda 9 kuwa a buɗe suke har ranar da na duba, mafi daɗewa ya kai wata 7.

A ma'auni na yi tuntuɓen farko. Na rubuta "kamar yadda aka saba a ma'aikatu nagari", shugabar ta soke shi. Manaja zai ce maka wannan ra'ayinka ne, kuma yana da gaskiya. Na koma na ɗauko dokar tsaron bayanai ta ma'aikatar, wadda hukumar gudanarwar da kanta ta sa wa hannu, na nuno sakin layin da ya ce a rufe asusu cikin kwana biyu na aiki daga ranar barin aiki. Daga nan gardama ta ƙare kafin ta fara. Da babu irin wannan doka, da sai na zauna da su tun farkon aikin mu amince da abin da za a auna su da shi, ko kuma rashin dokar ya zama shi ne abin da na gano.

Musabbabi shi ne inda na sha wahala, kuma shi ne dalilin wannan rubutun. A daftari na biyu na rubuta: "Rashin bin doka daga sashen kwamfuta." Na ɗauka na gama. Shugabar ta ce mini wannan ba musabbabi ba ne, halin da na tarar ne na sake masa riga. Tun daga ranar nake gwada kowane musabbabi da wannan: idan na cire shi na sa a gurbin halin da aka tarar ya zauna daram, to ban gano komai ba tukuna. "Sakaci", "rashin kulawa", "ƙarancin sa ido", duk 'yan gida ɗaya ne. Suna da daɗin rubutawa domin ba sa buƙatar ka tashi daga teburinka.

Sai na tashi. Na je wurin jami'in da ke rufe asusu, na ce ya nuna mini yadda labarin barin aiki yake iso masa. Ya buɗe imel ɗinsa ya nuna mini: sau ɗaya a wata sashen kula da ma'aikata ke turo jerin sunaye, ranar da suka rufe lissafin albashi. Ya ce, "Yallaɓai, ranar da jerin ya zo, ranar nake rufewa. Duba ka gani." Na duba, gaskiyarsa. Bai taɓa kwana da jerin ba.

Na koma kan alƙalumana na sake kasa su, wannan karon bisa ranar da mutum ya tafi da kuma irin aikinsa. Abin ya fito fili kamar an haska fitila. Ma'aikatan dindindin 52 ne. Guda 35 sun tafi a ƙarshen wata, daidai lokacin da jerin ke fita, don haka aka rufe nasu a kan kari, ba don tsarin yana aiki ba, sai don sa'a. Sauran 17 a tsakiyar wata suka tafi, su ne aka makara a kansu baki ɗaya. Ragowar 12 'yan kwantiragi ne, kamfanin da ya kawo su ke biyansu, sunansu ba ya cikin lissafin albashi, saboda haka ba ya taɓa shiga jerin. Uku daga cikinsu an rufe nasu ne kawai saboda manajojinsu sun ɗaga waya da kansu. Tara ɗin nan da ke buɗe, duk 'yan kwantiragi ne.

Ashe musabbabi biyu ne, kuma babu ɗaya a sashen da na ɗora wa laifi. Doka ta ce kwana biyu, amma hanyar da labari ke bi ta wata-wata ce, sannan akwai rukunin mutanen da hanyar ba ta san da su ba sam. Da na bar daftari na biyu ya fita, da an kira mutumin da ke aikinsa daidai an yi masa faɗa, a tura shi horo, shekara mai zuwa in dawo in tarar da abin yadda na bar shi. Har yau idan na tuna sai in ji kunya.

Wajen illa kuma akwai jarabar zuzutawa. Ina so in rubuta cewa ma'aikatar na fuskantar gagarumar asara, don a ji tsoro a saurare ni. Amma shugabannin ma'aikata sun sha jin irin wannan, kuma ranar da suka kama ka da ƙari, sauran rahotonka ya zama abin shakka. Abin da ya dace shi ne a raba abin da ya riga ya faru da abin da zai iya faruwa, kowanne da sunansa. Rajistar shiga ta nuna an yi amfani da uku daga cikin asusu taran bayan masu su sun tafi. Ɗaya yana da ikon amincewa da biya, kuma an amince da biya 14 da sunan mutumin da ba ya nan. Na bi sha huɗun ɗaya bayan ɗaya, takardar oda, takardar karɓar kaya, takardar neman biya, duk sun cika. Ba a ɗauki ko kwabo ba, kuma na rubuta hakan ƙarara duk da ya rage wa rahotona zafi. Sai dai a biyar daga ciki, kwamfutar da aka shigar da biyan ita ce aka amince da shi daga kanta, mintuna kaɗan tsakani. Da na tambaya, shugaban ɓangaren biyan kuɗi bai ɓoye ba: wanda ya maye gurbin bai sami nasa asusun ba, aiki ya taru, sai aka ci gaba da amfani da tsohuwar kalmar sirri. Wato dokar da ta ce mai shigarwa daban, mai amincewa daban, ta karye sau biyar ba wanda ya sani. Wannan ita ce illar da ta faru. Wadda za ta iya faruwa kuwa jimla ɗaya na ba ta: duk wanda ke da kalmar sirrin zai iya biyan wanda ya ga dama, kuma rajista za ta nuna sunan wanda ba za a iya tuhuma ba.

Da musabbabi ya fito, shawara ta kusan rubuta kanta. Na raba ta gida biyu. Gyaran yau: a rufe asusu taran nan take, abin da aka yi tun kafin rahoto ya fita, don irin wannan ba a jira da shi. Gyaran tushe: sashen kula da ma'aikata ya riƙa sanar da sashen kwamfuta ranar da aka amince da barin aikin mutum, ba ranar albashi ba, a buɗe wa kowane ɗan kwantiragi asusu mai ranar mutuwa daidai da ƙarshen kwantiraginsa, sannan duk wata uku a gwada jerin asusun da ke buɗe da jerin mutanen da ke bakin aiki. Kowace shawara na ja mata layi zuwa musabbabin da take kashewa. Akwai wadda na so in saka game da horar da ma'aikata, na nemi musabbabin da za ta jingina da shi na rasa, na cire ta.

Ban zaɓar musu manhaja ko fom ba. Mai bincike yana faɗin abin da ya kamata a cimma, yadda za a yi kuwa na masu aikin ne, in ba haka ba gobe zai dawo yana binciken abin da shi ya tsara.

Abu na ƙarshe da shugabar ta canza shi ne jerin. Ni na bi tsarin littafi, ma'auni a sama, illa can ƙasa. Ta ce babban manaja kanun kawai zai karanta da layi biyu na farko. Kanuna na da shi ne "Kula da asusun shiga". Ya koma: "An amince da biya 14 da asusun ma'aikacin da ya bar aiki, labarin barin aiki ba ya isa sashen kwamfuta cikin wa'adin doka." Ginshiƙan biyar suna nan a ƙasa, shafi ɗaya, jerin sunaye da ranaku kuma suka koma rataye a baya.

A taron kammalawa shugaban sashen kula da ma'aikata ya ƙi yarda da mataki "mai tsanani" da muka ba abin, yana cewa ai ba a yi asara ba. Muka bar matakin yadda yake, muka buga amsarsa kalma da kalma a ƙarƙashinsa. Bai musa ko adadi ɗaya ba, kuma ya karɓi shawarwarin uku, da sunan muƙamin da zai ɗauki kowacce da ranar gamawa.

Bayan wata shida na koma bibiya. Mutum 29 suka tafi a tsakanin, an rufe asusun 27 cikin kwana biyu. Biyun da suka rage 'yan kwantiragi ne da aka sallama kafin wa'adinsu ya cika, ranar mutuwar asusunsu tana can gaba ba ta zo ba. Wannan ramin ban hango shi ba lokacin da nake rubuta shawarar, sai na buɗe sabon shafi na fara daga halin da na tarar.