Ajin Sabbin Musulmi na Mako Goma Sha Biyu: A Fara da Salla

Matasan da ake ɗora wa nauyin karantar da waɗanda suka karɓi Musulunci sukan tsara darasinsu bisa jerin babukan littafi, kuma ni ma haka na yi a ajin farko da na riƙe a wani ƙauyen Maguzawa. Na ba tauhidi mako huɗu, na ba tsarki mako biyu, ban kai ga salla ba sai a mako na bakwai. A takarda tsarin ya yi kyau, amma salla ta wajaba a kan mutum tun ranar da ya furta kalmar shahada, don haka salloli 210 suka wuce ɗalibaina a cikin makonni shidan nan, suna laɓewa a sahun baya suna satar kallon na kusa da su. Da yawansu kunya ta hana su komawa masallaci.

Lokacin da Annabi (SAW) ya aika Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umarce shi ya fara kiran mutane zuwa ga shahada, idan sun amsa ya sanar da su salloli biyar, sannan zakka. Wannan jeri ya ishi mai tsara aji. A zaman farko ku bayyana ma'anar shahada a taƙaice, sannan ku fito tsakar gida da buta, kowa ya yi alwala a gabanku. A nan ne za ku ga diddigen da ruwa bai taɓa ba, da gwiwar hannun da aka tsallake, abin da tambayar "kun gane?" ba za ta taɓa nuna muku ba, domin baƙo ba ya ce wa malami bai gane ba. Wankan janaba da hukuncin haila kuwa a samo malama ta koya wa mata su kaɗai, domin a gaban namiji ba za su yi tambaya ba.

Fatiha ita ce aikin mako na biyu zuwa na huɗu. Ayoyinta bakwai ne, sai a raba su biyu, biyu, uku, ana biyawa da baki ana faɗin ma'anar da Hausa, domin dattijon da bai taɓa zama a makarantar allo ba ba zai haddace ta a zama ɗaya ba. Kafin ta zauna masa, ku sanar da shi cewa sallarsa a bayan liman ta inganta, kuma ku haɗa shi da wani maƙwabci da zai riƙa tsayawa kusa da shi a sahu. Ku koyar da siffar sallar da ake yi a masallacin unguwarsa. Muhawarar kablu da sadalu ba ta da gurbi a wannan aji, kuma na ga yadda ta sa wani ya ɗauka cewa addinai biyu ne a garin.

Ba a jingine tauhidi ba, ana ba shi kwata na awa a kowane zama, sannan mako na biyar zuwa na bakwai su zama nasa, a bi shika-shikan imani shida kamar yadda suka zo a hadisin Mala'ika Jibrilu, tare da haddar Ƙulhuwallahu. Mako na takwas ya tafi ga yadda wanda ya tarar an yi nisa a salla yake cike raka'o'insa, da ɗan abin da ya sawwaƙa na kabli da ba'adi. Dogon bayanin rafkanuwa da ke cikin Ahalari a bar shi sai bayan an sauke wannan aji.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo. Da muka kai ga mu'amala, sai na jero haramtattun abubuwa, giya da mushe da tsafi da caca, ban tambayi kowa halin da yake ciki a gida ba. Wani saurayi ya koma ya daina cin tuwon mahaifiyarsa saboda tana dafa burkutu a gidan, kuma da ƙyar aka sasanta su. Alhali aya ta 15 a Suratu Luƙman ta ce ko iyaye sun matsa wa ɗa ya yi shirka, kada ya bi su a kan haka, amma ya zauna da su da kyautatawa a duniya. Da wannan aya ya kamata a buɗe mako na tara, sannan a saurari tambayoyinsu na gaske: abincin da za a ci a gida, gaisuwar mutuwar dangi, gayyar noma, da batun suna, wanda ba dole ne a sauya shi ba sai idan ma'anarsa ta saɓa wa addini. Gaskiya a ciniki, biyan bashi da haƙƙin maƙwabci su cike mako na goma da na sha ɗaya.

A mako na ƙarshe kada ku raba takardar jarrabawa, tunda wasunsu ba sa karatu. Kowa ya yi alwala, ya sallaci raka'a biyu a bayyane, ku gyara masa a keɓe. Wanda Fatiharsa ba ta nuna ba ya ci gaba da zama da maƙwabcin da aka haɗa su. Kafin ku sa ranar fara aji kuma ku duba ranar kasuwar garin da lokacin shuka da girbi, domin manomi ba zai bar gonarsa da damina ya zauna a kan tabarmarku da hantsi ba.